Kafin in sayi masara, Baffa ya sa na ja layi a takarda

Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a nan Jos, ina zaune a Anguwan Rogo da maigidana da yaranmu. Albashi shi kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen wata, don haka ina taɓa sana'ar atamfa da leshi. Daga Kantin Kwari ta Kano nake saro kaya, in ba abokan aiki da matan unguwa, galibi bashi, su biya a hankali in an yi albashi. Na daɗe a haka. Da wani zai tsare ni a lokacin ya ce nawa na mallaka, amsar da zan ba shi ita ce alhamdulillahi, kuma gaskiya ce, sai dai ba ta gaya wa mutum ko yana da halin zuba jari ko ba shi da shi.

A ƙarshen Oktoban 2024 na kwashi adashi. Mu goma ne, kowa na zuba naira 100,000 a wata, ni ce ɗauka ta huɗu, sai ga miliyan ɗaya cif ta shigo asusuna. Lokacin kaka ne, kowa a ofis maganar masara yake. Waɗanda suka ajiye hatsi a shekarar da ta gabata sun ga alheri, wasu har sun ninka kuɗinsu, shi ya sa na ƙudurta zan tura a auno mini a Mangu, a sa magani, a jibge a sito har damina ta faɗi. Wata ƙawata kuma tana ta ja na in karɓi fili kusa da nata, in ba da miliyan ɗayan kafin alƙalami, sauran in riƙa biya.

Da wannan shawara biyu na je wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi aikin akanta har ya yi ritaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Na gama zuba masa bayani, na ce wanne ya fi, masara ko fili. Bai amsa ba. Ya aiki jikansa ya yago masa takarda daga tsakiyar littafin makaranta, ya ja layi daga sama har ƙasa, ya rubuta kwanan wata, sannan ya miƙo mini biro.

"Uwata, dama ki rubuta abin da kike da shi, hagu ki rubuta abin da ake bin ki. In mun ga abin da ya rage, sai mu yi maganar masara."

Na ce, "Baffa, ai ni ba na cin bashi."

Ya yi dariya ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya tambaye ni sau nawa na zuba adashin. Na ce huɗu. Ya ce to a cikin miliyan ɗayan nan, naira 400,000 ce guminki, sauran 600,000 ta mutum shida ce da ba su kwasa ba tukuna, sun ranta miki ne ba tare da ruwa ba, za ki mayar musu daga Nuwamba zuwa Afrilu. Wanda ya kwashi adashi da wuri bashi ya ci, wanda zai kwasa a ƙarshe shi ne mai bin kuɗi. Na fi shekara goma ina adashi, ban taɓa jin an faɗe shi haka ba. Abu na farko da ya hau gefen hagu ke nan.

Daga nan sauran suka biyo baya. Dilana na Kano yana bi na kuɗin turmi 20 da na ɗauko, naira 430,000. Rancen kofaratif na ofis, wanda ake cire mini 30,000 duk wata tun kafin albashi ya iso hannuna, saura wata 12, wato 360,000. Ban ma ɗauke shi bashi ba, tunda ba na ganin fitarsa. Sai da Baffa ya ce in buɗe waya in duba asusuna, na ga 1,140,000, ya ce ragowar 140,000 ɗin duk tawa ce? Nan na tuna 120,000 ta ƙanena ce, ya ba ni ajiya yana tara kuɗin lefe. Kuɗin amana in ya kwana a asusunka sai ya yi kama da naka, alhali ranar da mai shi ya ce kawo, ba ka da ta cewa.

Gefen dama ne muka fi daɗewa a kai, domin a nan ne zuciya ke son ƙari. Dokar Baffa ɗaya ce: kowane abu a rubuta shi a kan abin da za a ba ka in ka fitar da shi kasuwa a wannan makon, ba abin da ka saya ba, ba kuma abin da kake fata ba.

Gwal ɗina, ɗan kunne da sarƙa, giram 10 ne. Bai yarda in yi ƙiyasi ba, sai da na kira mai gwal ɗin da nake hulɗa da shi na tambaye shi nawa zai saya, ba nawa yake sayarwa ba, domin tsakanin biyun akwai rata, kuma kuɗin ƙira da ka biya ranar saye ba ya dawowa. Ya ce 110,000 kowane giram. Muka rubuta 1,100,000.

Kayan da ke cikin akwatunana, in an bi farashin da nake sayarwa, sun kai 900,000. Baffa ya ce ribar da ba a ci ba tukuna ba dukiya ba ce, a koma kan sari. Sari ya ba da 720,000. Sai ya ce a cikinsu akwai waɗanda yayinsu ya wuce? Akwai, wasu leshi ne da aka yi rububinsu wata sallah, yanzu ko kallonsu ba a yi, sai na karya su ƙasa da sari za su fita. Muka sauko zuwa 650,000.

Sai littafin bashi, wanda a nan ne na ji abin a jikina. Jimillar abin da nake bin mutane 830,000 ce, kuma kullum da wannan adadi nake kwana a raina. Baffa ya sa na karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba ya tambayar ko mutuniyar kirki ce, tambayarsa ita ce yaushe rabon da ta ba da wani abu. Masu biya duk wata, yawanci abokan aiki, nasu ya kama 480,000, muka rubuta shi cikakke. Waɗanda suka haura wata shida ba su ba da ko sisi ba amma ana gaisawa, suna cewa ana nan ana ƙoƙari, nasu 200,000 ne, ya ce a rubuta rabi. Ragowar 150,000 tana hannun waɗanda suka shekara, ciki har da 'yan'uwa biyu da ba zan iya buɗe baki in tambaya ba, da wata da aka yi wa canjin wurin aiki ta bar garin. Ya ce a sa sifili. Na ce ai ban yafe ba. Ya ce, "Ban ce ki yafe ba, Uwata. Ki ci gaba da bi. In ya zo, kin tsinta. Amma kada ki ɗora buhun masara a kansa." Littafin 830,000 ya koma 580,000.

Filina da ke bayan gari na saye shi 800,000 a 2019, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce yanzu ya kai miliyan uku da rabi. Baffa ya ce wa ya taya? Babu. Ya ce a nemi wanda aka sayar na gaske a layin, aka biya kuɗi aka karɓi takarda. Maigidana ya bincika, aka ce an sayar da wani mai girman nawa a kan miliyan biyu da rabi. Muka cire la'adar dillali da ɗan ragin da dole mai gaggawa ya yi, muka rubuta 2,300,000. Ya kuma sa na rubuta a gefensa da ƙananan baƙi cewa takardar da ke hannuna ta yarjejeniya ce kawai da sa hannun shaidu da mai unguwa, ban kai ga takardar mallaka ta gwamnati ba. Duk ɗan Jos ya san wani abu kuma game da fili a garin nan: tun rikicin 2001 unguwanni suka rarrabu, ba kowa ke sayen fili a ko'ina ba, don haka masu sayen naka ba su kai yawan da kake zato ba, kuma in gari ya ɗan yi zafi ciniki tsayawa yake cak.

Abu uku ya hana su shiga lissafi. Kayan ɗaki da firji da talabijin, domin ba sayarwa zan yi ba, in ma na sayar sai na sake saye. Gidan gadonmu, domin ba a raba ba, ba wanda zai iya nuna nasa. Sai kuɗin fansho, wanda ake cire kashi 8 cikin ɗari daga albashina, gwamnati ta ƙara kashi 10, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Nawa ne, babu shakka, amma ba zan iya ciro shi gobe in biya dila ba, don haka muka ja layi a ƙasan takardar muka rubuta shi can shi kaɗai.

Ga yadda takardar ta tsaya.

Abin da nake da shi: kuɗi a banki 1,140,000, gwal 1,100,000, kaya 650,000, bashin da nake sa ran zai dawo 580,000, fili 2,300,000. Jimilla 5,770,000.

Abin da ake bi na: adashi 600,000, dila 430,000, kofaratif 360,000, ajiyar ƙanena 120,000. Jimilla 1,510,000.

In an ɗebe na biyu daga na farko, saura 4,260,000. Wannan shi ne abin da na mallaka a ranar.

Na ji daɗin adadin, don ya fi yadda na zata. Amma Baffa bai wani tsaya a kansa ba. Ya ce jimillar ba ta gaya wa mutum abin da zai saya, yadda dukiyar ta rarrabu ne ke faɗa. Ya sa yatsa a kan fili ya ce wannan shi kaɗai ya fi rabin abin da kika mallaka, kuma shi ne wanda in yaro ya kwanta asibiti yau ba zai ba ki ko kwabo ba. Ki ƙara wani filin, da bashi a kansa kuma? Maganar ƙawata ta mutu a nan, ba don fili mugun jari ba ne, sai don ni na riga na cika da shi.

Masara kuwa, ya ce in ware basussukan da za a nema da tsabar kuɗi cikin wata shida: adashi, dila, ajiya. Suka kama 1,150,000. Kuɗin da ke banki 1,140,000. Wato miliyan ɗayan da nake nema wa wurin zuwa, duk da 'yar ragowar da ke kanta, ba ta ma rufe abin da ke jira na ba, da saura dubu goma.

Ban yarda nan take ba. Na ce zubin adashi ai daga ciniki nake biya wata-wata, ba daga wannan kuɗin ba. Ya ce haka ne, amma cinikin daga ina? Daga masu biyan bashi, su kuma ba sa ci gaba da biya da daɗin rai sai suna ganin sabon kaya. Sabon kaya kuma ba zai zo ba sai an sallami dila. Ga Disamba tafe, lokacin da abokan aikina Kiristoci ke ɗinkin Kirsimeti, ga bukukuwa, ga azumi a watan Maris da ɗinkin sallah a bayansa. In na kulle kuɗin a sito har Yuni, da me zan yi sarin waɗannan lokutan biyu, waɗanda su ne ribar shekarata? Ƙarshenta sai in fasa buhunan in sayar a Janairu, farashi bai tashi ba, ga kuɗin mota da magani da hayar sito sun hau kai.

Dalilin da ya sa Baffa ke tsananta wa gefen hagu na san shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da shagon atamfa a babbar kasuwar Taminus lokacin da ta ƙone a Fabrairun 2002. Ina yarinya, amma ina tuna yadda gidanmu ya cika da masu jaje. Baffa ne ya zauna da littattafan da suka tsira a gida, ya gano kusan rabin kayan shagon na mutanen Kano ne. Wuta ta cinye kaya, bashi kuwa ko ƙauri bai yi ba. Shekaru mahaifinmu ya yi yana biya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda takardar ta nuna riba take. Baffa ya tambaye ni nawa dila ke ba ni turmi in na biya nan take, nawa kuma in bashi ne. Kuɗi hannu 20,000, bashin wata biyu 21,500. Ni a wurina alfarma ce yake yi mini, kuma alfarmar ce, ba na musu. Amma a turmi 20, naira 30,000 ke nan a kowane sari, kashi 7.5 cikin ɗari a wata biyu kacal. In aka miƙe shi zuwa shekara ya kai kashi 45, a lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke cewa hauhawar farashi ta kusa kashi 34. Ya ce, "Wace masara ce za ta yi miki alƙawarin wannan, ba ƙwari, ba ɓera, ba jiran kasuwa?"

Haka aka raba kuɗin. Na tura wa dila 430,000 ɗinsa. Na yi sabon sari na turmi 20 da kuɗi hannu, 400,000. Na sa ƙanena ya buɗe asusun kansa na mayar masa da ajiyarsa, ya ɗan ji haushi, yana ganin kamar na gaji da shi ne. Ragowar 190,000 na kai ta wani asusu dabam wanda ban karɓi katinsa ba, don ko-ta-kwana.

Da na sake lissafi a daren, sai na ga adadin ƙasa bai motsa ba, yana nan 4,260,000. Na kira Baffa na ce ko na yi kuskuren tarawa. Ya ce a'a, haka ya kamata. Biyan bashi yana rage dama da hagu daidai wa daida, sari kuma kuɗi ne ya koma kaya. Abin da ke ɗaga adadin uku ne kawai: ribar da ka ci ka bar ta, abin da ka rage daga albashi, ko farashin abin da kake riƙe da shi ya tashi. Duk wani kai-kawo in ba waɗannan ba, sauya wa kuɗi wurin zama ne.

Masara ba ta yi yadda aka zata ba a 2025. Maimakon ta tashi da damina sai ta sauko, kuma na san waɗanda suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ba zan ce Baffa ya hango haka ba, shi da kansa ya ce da an tambaye shi a lokacin, cewa zai yi za ta tashi. Takardar ba duba ba ce, ba ta san farashin gobe ba. Da masarar ta ninka ma, hukuncin da ta yanke mini daidai ne, domin abin da ta nuna shi ne ba ni da kuɗin da zai iya jiran wata takwas.

A ƙarshen Afrilu, da na zuba adashi na ƙarshe, na sake jan layi, wannan karon ni kaɗai. Gefen dama ya ragu zuwa 5,250,000, abin da da can zai tayar mini da hankali. Amma gefen hagu saura kofaratif kawai, 180,000. Abin da ya rage 5,070,000, ƙarin 810,000 a wata shida. Na bi shi na ga daga ina ya fito. Naira 200,000 tashin gwal ne, ban yi komai ba, kuma yadda ya hau haka zai iya sauka. Naira 180,000 rancen ofis ne da albashi ya biya. Sauran 430,000 ita ce ta fito daga sana'a da tsimi. Fili na bar shi a inda yake, tunda ba a sake sayar da wani a layin ba, duk da dillalai na ta kiran sabon farashi. A nan ne mutum ke iya yaudarar kansa cikin sauƙi: ya ƙara wa fili rabin miliyan da biro, ya ga adadi ya hau, alhali sana'arsa zurarewa take. Alamar da nake dubawa ke nan yanzu. In adadin ƙasa na hawa amma kuɗin banki na raguwa, littafin bashi kuma na kumbura, to ba arziki ake yi ba, kaya ake raba wa mutane.

A wannan takarda ta biyu ce na fara ganin kuɗin da ba mai jiran sa. Banki akwai 520,000, ba dila, ba adashi. Na ware 320,000 na ko-ta-kwana, tunda kuɗin makaranta na tafe, saura 200,000 da zan iya mantawa da ita. Sai ga Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ya buɗe Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a watan Mayun 2025, na naira biliyan 300, wa'adin shekara 7, kuɗin haya kashi 19.75 cikin ɗari a shekara, ana biya duk wata shida, mafi ƙarancin shiga 10,000. Na zaɓe shi ne don ba na son abin da ke da ruwa, shi kuma haya ce ta hanyoyin da ake ginawa da kuɗin. Sannan takardata ta nuna duk abin da ke kawo mini kuɗi sai na bi wani na ce ya biya, ina son abu ɗaya da zai shigo ba tare da na buga wa kowa waya ba. A kan 200,000 ɗina, 19,750 ke shigowa duk wata shida. Ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma a lokacin da na shiga hauhawar farashi ta fi kashi 20, wato hayar ba ta ma cike gurbin abin da naira ke asara ba. In na so fita kafin wa'adi sai ta hannun dillalin hannun jari, a farashin ranar. Shi ya sa ban zuba fiye da haka ba.

Akwai inda har yau ba mu daidaita da Baffa ba. Shi yana ganin in sayar da rabin gwal ɗin in nemi takardar mallakar filin a PLAGIS, ofishin rajistar filaye na jihar Filato, domin fili mai cikakkiyar takarda ya fi saurin samun mai saye kuma ya fi daraja. Lissafinsa ba shi da aibu. Ni kuma ina ganin gwal ne kaɗai abin da zan iya mayarwa kuɗi da rana ɗaya ba tare da na nemi izinin kowa ba, kuma mace ta san amfanin wannan fiye da yadda akanta zai sani. Mun tsaya a kan zan tara kuɗin takardar daga ribar sallah, gwal ya zauna.

Adashi na sake shiga, amma na roƙi uwar adashi ta sa ni a ɗauka ta tara. Yanzu duk zubin da na yi gefen dama yake hawa, a matsayin kuɗin da nake bi, kuma ina rubuta shi cikakke ne saboda na san mutanen da muke yi da su. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan da muka sa wa sifili ta aiko mini da 40,000 bayan babbar sallah, ba tare da na tambaya ba. Ragowar 110,000 tana nan a littafin bashi da sunayen masu ita, amma ba ta cikin takarda.